Laifi tudu ne, har a cikin imel ɗinka

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Garwa: "Salam Malam. Ina tura imel ma abokin cinikina a Njamena, kullum sai na aika sannan in ga kuskure, alhali na karanta kafin in tura. Yayana ya ce wai laifi tudu ne, in rinƙa karantawa da ƙarfi ko daga ƙarshe zuwa farko. Mene ne haɗin karin maganar da wannan, kuma dabarar tana aiki?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Cikon karin maganar shi ne "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani", wato wanda ke tsaye a kan tudu ba ya ganin tudun da ke ƙarƙashin ƙafarsa, na nesa yake hangowa. Asali kan halin mutane ake faɗinta amma wallahi yayanka ya ajiye ta a wurinta. Kai ka rubuta saƙon, ka riga ka san abin da kake nufi, to in ka zo dubawa ido ba ya bin harafi ɗaya ɗaya, wani sashe na kalma yake kamawa sai zuciya ta cika sauran da abin da ta sani. Shi ya sa za ka kama tuntuɓen alƙalamin wani nan take, naka kuwa ka wuce shi sau uku.

Bari mu gwada da saƙo irin naku. Ka yi niyyar rubuta wannan:

"Alhaji, ga shi nan mun loda buhu 50 na albasa, kada a sayar ƙasa da sefa 15,000."

Amma da sauri a waya ya fito haka:

"Alhaji, gashi nan mun loda buhu 50 na ablasa, a sayar kasa da da sefa 15,000."

Fara da murya. Ba cikin zuciya ba, sai leɓe ya motsa kunne ya ji, ko da can ƙasa-ƙasa ne in kana cikin shago da mutane, kuma ka sa yatsa kana bin kalmomin. Baki ya fi ido nawa, wannan nawar ita ce amfaninsa. Da ka iso "da da" harshe zai yi tuntuɓe. Abin da ya fi damuna kuma shi ne "kada" da ta faɗi, domin saƙon yanzu umarni yake ba Alhaji ya karya farashi, kalma ɗaya ta juya cinikin buhu 50 gaba ɗaya. Ƙananan kalmomin nan, kada, ba, ban, bai, da "ba" ta ƙarshen jimla, su suka fi zubewa kuma kunne ne ya fi kama rashinsu.

Sai dai murya tana da inda ta tsaya. Bakinka Bahaushe ne, zai ga "ablasa" ya ce albasa, zai ga "kasa" ya furta ƙasa da ƙugiyarta ba tare da ya tambaye ka ba. Nan karatun baya ke shigowa. Ba harafi za ka juya ba, kalma kalma za ka bi daga ta ƙarshe: 15,000, sefa, da, da, kasa, sayar, a, ablasa, haka har ka kai Alhaji. Tunda ma'ana ta watse zuciya ba ta da abin da za ta cika maka, kowace kalma ta tsaya ita kaɗai sai ka tambaye ta, ke wace ce? "Kasa" ita kaɗai gazawa ce ko kasa kaya a kasuwa. "Gashi" a haɗe na kai ne, ko na nama, wanda kake nufi "ga shi" ne a rabe. Mu nan da muka yi boko da Faransanci akwai ƙarin namu, hannu ya saba da "ou" da "dj" da "tch" sai ka ga bouhou da djiya da tchiki sun kutso, ga kibod ɗin waya da ke gyara Hausa zuwa Faransanci ba ka sani ba. Duk a karatun baya suke fitowa fili.

Amma lura, karatun baya ba zai taɓa gaya maka "kada" ta ɓace ba, don abin da babu ba ya tsayawa a gabanka. Saboda haka kar ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya, murya tukuna sannan baya, saƙo mai layi biyar ba zai ci maka minti biyu ba. Lambobi kuma ka ware musu nasu duban, ƙirga sifili da yatsa ka gwada da abin da ke littafinka, don 15,000 da 150,000 duk daidai suke a rubuce, babu dabarar da za ta ce maka ɗaya kuskure ne. Ni adireshin mai karɓa ma ba na sa shi sai na gama duban nan, don kar yatsa ya taɓa turawa saƙo bai nuna ba.