Kwali Nawa Zan Riƙa Sarowa? Bari Waya Ta Yi Lissafin

Tambaya: Malam, ina da ɗan shagon kayan masarufi. Idan na saro taliya da yawa kuɗina su kwanta, idan na saro kaɗan kuɗin mota su cinye ribar. Akwai manhajar da za ta faɗa mini adadin da ya dace?

Amsa: Alhaji, ba sai ka sauke sabuwar manhaja ba. Excel ko Google Sheets da ke wayarka ta wadatar. Lissafin tsoho ne, Ford Harris ya wallafa shi tun 1913, kuma lambobi uku kawai yake nema.

Mu ƙaddara kana sayar da kwali 1,200 a shekara. Rubuta wannan a akwatin B1 na teburin manhajar. A B2 sa abin da zuwa sari ɗaya ke ci maka, ko kwali goma ka ɗauko ko ɗari: kuɗin motarka zuwa kasuwar Singa da dawowa, abinci, da cinikin da ka rasa ranar. Mu ce naira 6,000. Kuɗin dako da ake biya kan kowane kwali ba ya shiga nan.

B3 ne inda mutane ke yaudarar kansu, don babu mai ba ka rasit a kai. Shi ne asarar ajiye kwali ɗaya shekara guda: rabonsa na hayar sito, ɓarnar ɓera da damshin damina, da ribar da kuɗin za su kawo da an juya su a sukari ko mai. Mu ce naira 1,000. Sai ka rubuta a B4:

```
=SQRT(2*B1*B2/B3)
```

Za ka ga 120. Wato sari goma a shekara, kusan duk sati biyar. Zirga-zirga ta ci 60,000. Da yake kayan raguwa suke daga 120 zuwa sifili, a matsakaici kwali 60 ne ke kwance, ajiya ma 60,000. Inda biyun suka yi kunnen doki, nan jimilla ta fi sauƙi: 120,000.

Gwada kwali 40: zuwa talatin, 180,000, ajiya 20,000, jimilla 200,000. Gwada 300: zuwa huɗu kacal, 24,000, amma ajiya ta kai 150,000. Sai dai kada ka ɗaure kanka da 120 cif. Kwali 100 duk wata 122,000 ne, bambancin bai kai a yi magana ba.

Idan amsar ta fito ƙarama ainun, kamar 35, duba B1: cinikin wata ka sa, alhali B3 na shekara ne. Kuma lissafin ya ɗauka ciniki da farashi ba sa motsi. Gab da azumi, ko dila ya yi maka ragi kan sari mai yawa, sai ka zauna ka sake lissafi da sababbin lambobi.