Masu gani, masu ji: shin a raba ajin?

"Malam, a kwaleji an koya mana cewa kowane yaro da salon koyonsa: wani da gani, wani da ji, wani sai ya taɓa da hannu. Ina da yara saba'in a aji huɗu. In raba su gida uku ne, kowane rukuni da irin darasinsa?"

Kada ka raba su, ɗana. Ni ma na taɓa yi ina sabon malami. Na yi zango guda ina tsara darasi uku maimakon ɗaya, sakamakon jarrabawa kuwa yana nan jiya i yau.

Gaskiya ne idan ka tambayi yaro zai gaya maka abin da ya fi so. Takardar tambayoyin nan ta tantance salon koyo, wato VARK, wadda Neil Fleming ya fito da ita a New Zealand a 1987, abin da take aunawa ke nan: so. Amma abin da yaro ya fi so daban, abin da ke sa karatu ya zauna masa daban.

Ga yadda ake gwada maganar. Ka ware masu gani da masu ji. Sai ka raba kowane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a koyar da su da hotuna, rabi da bayanin baka, sannan kowa ya zauna jarrabawa iri ɗaya. In batun salo gaskiya ne, dole masu gani su fi cin maki da hotuna, masu ji kuma su fi ci da bayanin baka. In kuwa hotuna suka ɗaga kowa da kowa, to hanyar ce mai kyau, salo bai shigo ba. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi binciken da aka yi, suka tarar ƙalilan ne aka tsara haka, kuma cikin ƙalilan ɗin da yawa sun ci karo da ra'ayin. A 2015 Beth Rogowsky da abokanta suka gwada da manya, wasu suka saurari littafi, wasu suka karanta shi. Daidaita hanya da zaɓin mutum bai ƙara masa fahimta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne laƙabin. Ka ce wa yarinya ita mai ji ce, sai ta samu hujjar guje wa littafi.

Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Taswira sai an gani, bambancin gajeren wasali da dogo sai an ji, ɗaurin igiya sai hannu ya yi. Ɗauki lissafin da za ka koyar mako mai zuwa, rabi a tara da sulusi. Yara da yawa za su rubuta 2/5, domin sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ka ba kowa kwali guda biyu masu tsawo ɗaya, kowanne an shata shi gida shida. A na farko su shafe rabi, gida uku ke nan. A na biyu su shafe sulusi, gida biyu. Su ƙirga, su faɗa da baki, su rubuta 5/6. Sai ka tambaye su: mun fara da rabi muka ƙara masa, yaya za a yi amsa ta zama 2/5, wadda ko rabi ba ta kai ba? Duk ajin ya gani, ya ji, ya taɓa, a darasi ɗaya.

Lokacin da ka yi niyyar kashewa wajen rabon, kashe shi wajen sa yara su tuno darussan baya. Minti biyar na farkon darasi, littattafai a rufe, tambaya biyar: biyu daga jiya, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa bayan mako guda, ɗaliban da suka yi ta ƙoƙarin tuno rubutu da ka sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karanta shi riƙewa. Wanda ya yi makarantar allo ya san haka, ba a wanke allo sai an ba da hadda, kuma tilawa ba ta tsayawa.

Kar ka yarda da amsar taro, biyar ke amsawa sauran suna bin baki. Kowa ya rubuta, ya ɗaga littafinsa. In kusan rabi sun sake kawo 2/5, koma kan kwali kafin ka wuce.

Yaron da ba ya ji sosai ko ba ya hango allo, wannan lalura ce. Dawo da shi layin gaba, ka sanar da iyayensa a duba shi.