Hawan jini ga mai ciwon suga, nawa ya kamata ya tsaya?

"Babana yana da ciwon suga, a asibitin Dutse an gwada jininsa 145/90, shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Da matsala?"

Ɗan'uwa Allah ya ba Baba lafiya, amma gaskiya 145/90 ya yi yawa ga mai suga, yawanci ƙasa da 130/80 likitoci ke so, sai dai in tsoho ne sosai da jiri ke ɗiba in ya miƙe, shi sukan sassauta masa. Ɗaya daga cikin dalilan da ake so jinin ya sauka ƙoda ce. Cikinta ƙananan jijiyoyi ne masu tace jini kamar rariya, suga na cinsu, hawan jini kuma na matsa musu, in suka lalace ƙodar ta riƙe gishiri da ruwa jinin ya ƙara hawa, kuma duk wannan ba ciwo ba komai, kawuna yana zuwa gona lafiya lau sai da ƙafa ta kumbura fitsari na kumfa muka farga.

Ku roƙi gwajin furotin a fitsari da na kiriyatinin a jini mai nuna yadda ƙoda ke aiki, ko sau ɗaya a shekara. In furotin na zuba akan ba da maganin hawan jini lisinopril ko losartan, a sake gwada ƙoda da sinadarin fotasiyam na jini bayan sati ɗaya ko biyu. Don Allah a rage magi da gishiri a miya, ya bar sayen diclofenac a kemis in jiki na ciwo, don yana cutar da ƙoda.