Wasan kwaikwayo na sulhu tsakanin mai gida da ɗan haya

Tambaya: “Ina koya wa matasa sasanci a Zariya. Yaya zan tsara wasan rikicin mai gida da ɗan haya kan bashin kuɗin haya da gyara, kowa da umarninsa na sirri?”

Malama, ki rubuta takarda uku. Ta farko kowa zai gani: ɗaki biyu ne a Tudun Wada, haya naira 120,000 a shekara, ana bin ɗan haya 60,000, shi kuma ya ce da damina rufi ya yi yoyo, ya kashe 35,000 a kan kwano da ladan kafinta, mai gida bai ce a yi ba.

Takardar mai gida ta ce yana buƙatar 30,000 cikin mako biyu saboda kuɗin makarantar ’ya’yansa, kuma a zuciyarsa ba ya son gidan ya zauna babu kowa, don haka zai yafe har 20,000 idan an nuna masa rasit. Ta ɗan haya ta ce 25,000 ke hannunsa yanzu, albashi zai shigo ƙarshen wata, rasit ɗin kwano na 22,000 kaɗai yake da shi, kuma ba ya son tashi domin gidan yana kusa da wurin aikinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta sirrin da ba za su taɓa haɗuwa ba, sai wasan ya zama cacar baki. A nan akwai mafita, wato a zare 20,000 daga bashin, ɗan haya ya biya 25,000 yau da 5,000 idan albashi ya shigo, ragowar 10,000 kuma a biya daga baya, amma sai wanda ya yi tambaya ya saurara zai gano ta. Kada ki bari su leƙa takardar juna.

Batun wa’adin tashi da zuwa kotu kuwa, ki nuna wa lauya kafin ki saka shi, domin dokar haya ta jiha ce.