Amsoshin Tambayoyinku: Abin da Hoton Dutse Yake Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa

Tambaya: Wani mai sayar da zobba ya turo mini hotuna uku na zoben azurfa mai jan dutse, ya ce yakutu ne na asali, kuma sai na tura rabin kuɗi zai aiko da shi. Mahaifiyata nake so in saya wa, na daɗe ina tara kuɗin, ga tsoro ya hana ni barci. Don Allah a duba mini hotunan. Daga wata baiwar Allah, Mabera.

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan niyya, kuma ki kwantar da hankalinki, tunda kuɗinki yana hannunki ba ki yi asarar komai ba. Na duba hotunan, kuma gaskiyar magana ita ce ba zan iya ce miki yakutu ne na asali ba, haka kuma babu wani masani mai tsoron Allah da zai iya faɗin hakan daga hoto. Hoto yana iya tona asirin jabu idan aka yi sa'a, amma ba ya iya wanke dutse daga zargi.

Jan dutsen da ke kan zoben nan yana iya zama ɗaya daga cikin abubuwa uku. Ko dai yakutu ne da aka haƙo daga ƙasa, ko gilashi ne da aka rina, ko kuma yakutu ne da aka haɗa a masana'anta. Na ukun nan ne ya fi rikita mutane, domin ba roba ba ne kuma ba kwalba ba ne. Tun a shekarar 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar narka garin sinadarin da yakutu ya ƙunsa a cikin harshen wuta mai tsananin zafi, yana ɗiga yana daskarewa har ya zama curi. Abin da ke fitowa sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa ɗaya, nauyinsa ɗaya, yadda yake karya haske ma ɗaya. Bambancin yana cikin tarihinsa da kuɗinsa, kuma ana yin sa da yawa, da araha ƙwarai. Abin da ma'auni ma ya kasa rabewa, yaya idon waya zai rabe shi?

Inda hoto yake da amfani shi ne wajen kama gilashi. Gilashi ba shi da tauri, a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10 yana wajen 5 da rabi, yakutu kuwa yana 9. Saboda haka gilashin da aka ɗan yi amfani da shi za ki ga gefunan yankansa sun dakushe, fuskarsa ta cika da karce, wani lokaci ya ɓantare irin ɓantarewar bakin kwalba. Idan zuba shi aka yi a mazubi ba yankawa ba, gefunan za su zo a mulmule, ba kaifi. A cikinsa kuma akan ga ƙwayoyin iska zagayayyu, da wasu layuka masu murɗewa kamar zuma da aka zuba a ruwa. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutsen wuyan da masaga na Bida suke narkawa daga kwalba ya hanga a rana ya san irin ƙwayar iskar da nake nufi. Idan hoto mai kyau ya nuna waɗannan a fili, magana ta ƙare, ki bar shi.

A hotonki na biyu fuskar dutsen tas take, gefuna da kaifi, ciki babu tabo ko ɗaya, ga shi girmansa ya kai ƙwayar gyaɗa. Wannan ya rage zargin gilashi na zubi, amma ya ƙara wani zargin. Yakutun ƙasa mai wannan girma da wannan tsabta da wannan ja ba a ɗora shi a kan siririyar azurfa. Alamar da ke bambance shi da na masana'anta tana can ciki: na ƙasa layukan girmansa miƙaƙƙu ne masu haɗuwa a kusurwa, sau da yawa da wasu siraran allurai da suka gitta juna, na narkawa kuwa layukansa lanƙwasassu ne kamar zanen da ke jikin faifai. Ana ganin wannan da madubin hannu mai ƙara girma sau 10, ana jujjuya dutsen a haske, wani lokaci ma sai an tsoma shi a ruwa an sa a na'urar hangen ƙananan abubuwa. Hoton da aka ɗauka daga nisan taƙi guda, aka kuma turo ta WhatsApp wanda ke matse hoto ya zubar da ƙananan alamu, ba zai taɓa nuna shi ba.

Shawarata ita ce kada ki tura ko sisi. Ki ce ya kawo ko ya aiko wa wakilinsa a nan Sakkwato, a duba a gabanki. Idan na masana'anta ne kuma ya yi miki kyau, ba laifi ki saya wa Hajiya, domin yana da ƙarko kuma ba ya kojewa, amma a kuɗinsa na gaskiya.

Tambaya: Na ga tsaga da ɗigo-ɗigo a cikin dutsen da aka turo mini hotonsa. An ce mai tabo shi ne na asali. In biya? Daga wani ɗan kasuwa, Runjin Sambo.

Alhaji, kada ka biya, kuma a nan zan ɗan tsawaita, domin wannan magana ta mai tabo shi ne na asali ta cinye kuɗin mutane da yawa a garin nan. Masu yin jabu sun ji ta kafin kai. Suna ɗaukar dutsen masana'anta su gasa shi, su jefa a ruwan sanyi ya tsattsage daga ciki, sai ya fito da tabon da kake nema. Akwai kuma yakutun ƙasa mara daraja, wanda ya cika da tsaga har ba ya sayuwa, da ake ɗura wa narkakken gilashi mai dalma ya cike tsagogin ya yi sheƙi. Irin wannan ya cika kasuwannin duniya tun wajen shekarar 2004. Mai sayarwa zai rantse maka cewa daga ƙasa aka haƙo shi, kuma bai yi ƙarya ƙarara ba, amma wani kaso mai yawa na abin da ka saya gilashi ne, kuma ruwan lemon tsami ko wutar maƙeri ta isa ta lalata shi. A hoto tsagar halitta da tsagar ganganci da tsagar da aka cike duk farin layi ne kawai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutumin da ba zai sayi rago ba sai ya buɗe bakinsa ya taɓa bayansa, wanda ba zai karɓi buhun gero ba sai ya soka ya ga ƙwayar, shi ne zai tura dubban ɗaruruwa saboda hoton da ya gani da dare a waya. Launin da ya ɗauke maka hankali ma ba na dutsen ba ne shi kaɗai. Wayar da ta ɗauka tana ƙara wa ja ƙarfi da kanta, fitilar da aka haska tana sauya shi, a shafa wa dutse ruwa ko mai, sai karcensa ya ɓace, a ɗora shi a kan baƙin ƙyalle ya ƙara zurfi, sannan taka wayar ta nuna shi yadda ta ga dama. Bayan duk wannan, babu abin da ke tabbatar maka cewa dutsen da ke cikin hoton shi ne za a sa a mota a aiko.

Tunda kai ɗan kasuwa ne, ga gwajin da za ka iya yi idan dutsen ya zo hannu kuma ba a ɗaure yake a zobe ba. Ka je wurin masu zinare da ke da ƙaramin ma'auni mai nuna ɗigo biyu bayan giram. A auna dutsen a fili, sannan a rataye shi da siririn zare a auna shi yana nutse a ruwa ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. A ce a fili ya ba da giram 2.00, a ruwa ya ba da 1.50. Bambancin 0.50 ne, ka raba 2.00 da 0.50 ka sami 4, wanda shi ne amsar yakutu, domin ya ninka ruwa mai girmansa nauyi sau 4. Da gilashi ne na gama-gari, a ruwa zai ba da wajen 1.20, bambancin 0.80, amsar kuma 2.5. Sai dai ka lura da iyakar gwajin: gilashi mai dalma ya fi na gama-gari nauyi, ƙaramin dutse yana ba da kuskure, kuma na masana'anta shi ma 4 zai ba ka. Ya fitar maka da kwalba daga lissafi ne kawai. Kada kuma ka bari wani ya ce zai karce shi da ƙusa ko ya buga shi, domin dutse mai tauri ma yana fashewa.

Tambaya: Mai sayar da dutse ya haɗo mini da hoton takardar shaidar gwaji. Ai shi ke nan ko? Daga wani matashi, Gawon Nama.

Ba shi ke nan ba. Hoton takarda hoto ne, kuma yaron da ya iya kwamfuta zai haɗa maka irinta kafin ka gama shan fura. Ɗakunan gwaji na gaskiya suna sa lamba a kan rahotonsu, ana iya duba lambar a shafinsu. Ko ta fito daidai, sai ka gwada nauyi da tsawo da faɗin da aka rubuta da na dutsen da ke hannunka, domin ana ɗaukar takardar dutse ɗaya a sayar da goma da ita.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar zoben aƙiƙ da ya sayo a Madina. Ba sayarwa zan yi ba, ina so ne kawai in san ko na gaske ne. Ga hotonsa. Daga wata uwa, Kanwuri.

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba ki haƙurin rashinsa. A hoton da kika turo ban ga ƙwayar iska ko layin mazubi ba, na kuma ga launin bai zo bai ɗaya ba, wani gefen ya fi wani duhu kamar gajimare, kuma wannan ya dace da aƙiƙ. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan daga nesa. Ki ɗaga shi a hasken safiya ki duba ko za ki ga zane-zane a jere a cikinsa, sannan ki ɗora shi a kumatunki, domin aƙiƙ ya fi gilashi da roba sanyi kuma yana jimawa kafin ya ɗumama. Aƙiƙ dutse ne mai yawa a duniya, don haka samun na gaske ba abin mamaki ba ne, ko da yake galibin jajayen an gasa su ko an rina su don launi ya fito, kuma hakan bai hana shi zama aƙiƙ ba. Idan kina son ƙarin natsuwa, ki ba ɗanki ya kai wa tsohon maƙerin azurfa ya duba da madubi a gabansa, kada a bar zoben ya kwana a can, kuma kada a yarda a cire dutsen daga mazauninsa.