Na canza bolti ɗaya, duk sauran suka bi shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani shagon ƙere-ƙere a Idu, Abuja. Na zana bolti M8 a SolidWorks, na yi Add Configuration don in samu M10 da M12. Da na ƙara kaurin M10 sai M8 ma ya koma 10. Yanzu na haƙura, kowane bolti ina yi masa Save As, har fayil goma sha huɗu. Ina mafita?

Wa alaikumus salam. Fayil goma sha huɗu! To, Allah ya ba ka lada, amma ranar da ogan ka ya ce a ƙara wa kan boltin lanƙwasa, sau goma sha huɗu za ka yi aikin, kuma wallahi sai ka manta ɗaya.

Abin da ya same ka ƙarami ne. Idan ka danna ma'auni sau biyu, akwatin Modify yana fitowa, a cikinsa akwai wurin zaɓi: This Configuration, All Configurations, Specify Configurations. Naka yana kan na biyu ne, ka ce wa manhajar ta canza duka, ita kuwa ba ta musu. Da ka zaɓi na farko da M8 ya zauna lafiya. Amma ba na so ka tsaya nan, domin mai tuna wannan zaɓin a kowane ma'auni, sau huɗu a kowane bolti, wata rana barci zai ɗauke shi. Jadawali kake buƙata, wato Design Table.

Kafin ka taɓa jadawalin, ka raɗa wa ma'aunanka suna. Nan ne nake ɓata da mutane. SolidWorks yana kiran ma'aunin farko D1, na biyu D2, a kowane zane kuma sai ya sake farawa daga D1. Ɗalibai suna kawo min jadawali kansa cike da `D1@Sketch1`, `D1@Sketch2`, `D1@Boss-Extrude1`, in tambayi yaro wanne ne kaurin kai, sai ya hau kallon silin. Shi ya zana abin da hannunsa, sati biyu kacal da suka wuce. Gidan da aka sa wa 'ya'ya huɗu suna Muhammadu ai dole a nemo laƙabi. Danna ma'aunin, a gefen hagu ƙarƙashin Primary Value ka goge D1 ka rubuta abin da kake nufi. Ni da Hausa nake sa nawa, sai dai ina kauce wa haruffa masu lanƙwasa, don fayil yana yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Kuma ka yi wannan tun farko. In ka canza suna bayan ka gina jadawali, kan jadawalin ba ya bin sabon sunan, da hannu za ka koma ka gyara shi.

Bolti mai kai kusurwa shida ma'auni huɗu ke riƙe da shi: kaurin jiki, tsawo, faɗin kai inda sifana ke kamawa, da tudun kan. Wajen zana kan da Polygon ka zaɓi Inscribed circle, ka sa ma'aunin a kan da'irar, domin faɗinta shi ne lambar sifana. Wanda ya zaɓi Circumscribed circle daga tsini zuwa tsini ya auna, kan nasa zai fito ƙarami, sifana 13 ta riƙa zamewa.

Sai ka je Insert, Tables, Design Table (a sababbin fitowa Excel Design Table aka rubuta), ka zaɓi Blank, shafin Excel zai buɗe a kan zanen. Ban cika son Auto-create ba, yana iya kwaso maka abin da ba ka aike shi ba. Layi na biyu shi ne na sunayen ma'auni, kuma kada ka buga su da hannu: ka tsaya a ɗakin B2, ka danna ma'aunin sau biyu a kan zanen, sunan zai shiga da kansa daidai. Sunayen boltin kuma suna sauka a jerin A, daga A3. Ga yadda nawa yake bisa ISO 4017, a milimita:

```
        Kauri@Sketch1  Tsawo@Boss-Extrude1  Sifana@Sketch2  Kai@Boss-Extrude2
M6x20   6              20                   10              4
M8x30   8              30                   13              5.3
M10x40  10             40                   16              6.4
M12x50  12             50                   18              7.5
```

Na san masu kanikanci a Apo za su ce na yi kuskure, M10 ai sifana 17 ce, M12 kuma 19. Ba su yi ƙarya ba, tsohon ma'aunin DIN 933 ke nan, kuma shi ya fi yawa a hannun mutane. Don haka ka auna boltin da shagonku ke sayowa kafin ka cika jerin nan, musamman in kan zai nutse cikin rami.

Kana danna wajen jadawalin zai rufe, saƙo ya fito da sunayen da ya ƙirƙira. In ka rubuta layi takwas ka ga biyar kawai, duba ko ka bar layi babu komai a tsakiya don ado. SolidWorks yana tsayawa da karatu inda ya ci karo da ɗakin suna babu rubutu. Haka nan suna ba ya ɗaukar `/` ko `@`, saboda haka mai bolti na inci ya rubuta `0.5` maimakon `1/2`. Bayan haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya a ConfigurationManager, kana danna `Ctrl+Q` don ya sake gina boltin. Ka fara da mafi ƙanƙanta, nan ake faɗuwa: Chamfer ko Fillet da ya yi wa M12 daidai yana iya fin ƙarfin M6, ja ya bayyana a jerin hagu. Maganinsa a saka wannan ma'aunin ma cikin jadawali.

Saura abin da ya fi ci min rai. A Edit Feature na jadawalin, ƙarƙashin Edit Control, ka zaɓi "Block model edits that would update the design table". Na taɓa barin ɗayan zaɓin a wani aiki na biraket. Wani yaron shago ya buɗe fayil, ya matsar da tazarar huda daga 60 zuwa 65 don ya gwada wani abu, ya adana. Jadawalin ya karɓi 65 ba tare da na sani ba. Sai da aka huda ƙarfe aka zo ɗaurawa muka ga bolti ɗaya ya shiga, ɗayan yana kallon ƙarfe. Ma'aunin da jadawali ke riƙe da shi launinsa yakan bambanta da sauran, ya yi ruwan hoda, amma launi ba ya hana hannu mai ƙaiƙayi.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jos. Biraket ɗina ƙarami huda biyu yake da ita, babban uku. Jadawali zai iya?

Zai iya, 'yar'uwa. Ki yi huda ta uku ita kaɗai a matsayin Cut-Extrude dabam, ki ƙara jeri mai kai `$STATE@Cut-Extrude2`, ki sa `S` a layin ƙaramin don hudar ta ɓace, `U` a layin babban don ta fito. Ki lura dai, duk abin da kika jingina a kan hudar nan, ko Fillet ne ko ma'aunin da kika ɗauko daga bakinta, zai ɓace tare da ita.

Tambaya: Ba ni da Excel, WPS nake amfani da shi. Design Table ya ƙi buɗewa.

Ba zai buɗe ba, Microsoft Excel yake nema, kuma ba ya karɓar ɗan aike. Danna ma'aunin da maɓallin dama ka zaɓi Configure Dimension. Ƙaramin jadawali na SolidWorks ɗin kansa zai fito, ya ishe ka bolti biyar ko shida.