Amsoshin tambayoyinku: Kafin ka biya kuɗin gona, jefa hogenta a ruwa

"Malam, an yi mini tayin hayar gonaki biyu a gefen Kura, ɗaya ta fi ɗaya tsada. Kuɗin da na tara ne na shekara uku, tsoro nake ji. Ta yaya zan gane wadda ƙasarta ta fi? — Matashin manomi, Kura"

Ɗana, tsoron nan naka yana kan hanya, kuma ba sai ka sayi komai ba. Nemi kofunan gilashi shida, da guntun ragar taga, da ruwa mai tsabta. A kowace gona ka ɗebi ƙananan hoge daga wurare uku, daga saman ƙasa, kowanne bai wuce girman gujiya ba. Ɗauke su a hankali da bakin wuƙa, kada ka matse su da yatsa. Shanya su a inuwa kwana biyu su bushe sarai, domin hoge mai danshi ba ya faɗin gaskiya, ko na lalatacciyar gona ne sai ya zauna a ruwa lafiya lau.

Lanƙwasa ragar ta zama ɗan kwando a bakin kofin, cika ruwa har ya rufe ta, ɗora hogen, ka sa ido da agogo a hannu. Busasshen hoge cike yake da iska. Ruwa na kutsawa ta ko'ina sai ya matse iskar a ciki, ita kuma ta nemi hanyar fita da ƙarfi. Idan akwai abin da ya ɗaure ƙasar, wato ruɓaɓɓen taki da ƙananan saiwoyi da zaren naman gwari da ke bin su, za ka ga kumfa na fita ɗaya bayan ɗaya amma hogen na nan. Idan babu, zai fashe ya zube ta ragar kamar garin kwaki. Abin da ruwan farko ke yi wa fuskar gona ke nan: ƙasar ta marmashe, ɓurɓushinta ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi, rana ta fito ta yi ɓawo, tsiro ya kasa fasawa, ruwa na biyu kuma ya gudu ya bar gonar.

Hogen da rabinsa ya zube cikin daƙiƙa 5 shi ne mafi rauni. Wanda ya kai minti 5 bai zube ba, ɗaga ragar ka mayar sau 5 a hankali. Idan kashi uku cikin huɗu na nan a kai, ƙasar na da ƙarfi sosai. Sannan ka bar kofunan kamar awa biyu ka dawo ka dubi ruwan. Hogen da ya zube amma ruwa ya tsaya garau, taki da karan amfanin gona za su gyara shi sannu a hankali. Wanda ruwan da ke kewaye da shi ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, wannan alamar kanwa ce a ƙasar, kuma a filayen noman rani da ruwa ke kwanciya ba baƙon abu ba ne. Don ganin wannan alamar, ruwan sama ya fi, na rijiya ko burtsatse kan ɓoye shi saboda gishirin da ke cikinsa. Irin wannan gona gyaranta sai da magudana da garin farin dutsen da ake kira jibsam da shekaru, ɗan haya ba shi da wannan lokacin. Bar ta, ko da ita ce mai arahar.

Abu ɗaya ka riƙe: gwajin nan ba ya gaya maka yawan abincin shuka da ke ƙasar. Jar ƙasa mai marmara kan riƙe jikinta a ruwa alhali ba ta da kitse. Tambayi maƙwabtan gonar abin da aka girba bara. Allah ya sa ka dace.

"Na ga wata na'ura mai tsinke biyu da ake cakawa a ƙasa, mai sayarwa ya ce tana auna komai. In saya? — Mai lambu, Zariya"

Komai? Na'urar da ba ta kai kuɗin buhun taki ba za ta auna komai? Malam, allurarta na motsawa ne da danshi, kuma ko wannan yatsanka ya fi ta sani. Ba ta da labarin ko hogen gonarka zai tsaya wa ruwa. Mai da kuɗinka aljihu.

"Baba, ni ɗaliba ce, ina aikin kammala karatu kan gonakin ƙungiyar mata a garinmu. An ce sai na tankaɗe ƙasa a ruwa. Injin ya fi ƙarfina, amma na ga rariyar gwaji mai araha a kasuwa. Za ta yi? — Ɗaliba, Katsina"

'Yata, kwantar da hankalinki game da injin. Tun 1936 da wani masanin ƙasa mai suna Yoder ya fito da wannan hanya, aikin injin bai wuce ɗaga rariya da sauke ta a ruwa daidai wa daida ba, kuma hannu mai natsuwa da agogo na iya yin haka. Inda za a cuce ki shi ne rariyar da sikelin, kuma a nan zan daɗe, don abin ya daɗe yana ci mini rai.

Fara da yadda aikin yake. Ki tankaɗe busasshiyar ƙasa a hankali ki ware ƙwayoyin da ke tsakanin milimita 1 da 2. Auna giram 10, baza a kan rariya mai ido milimita 0.25. Ɗora rariyar a kan jiƙaƙƙen tawul minti 5 ƙasar ta sha ruwa daga ƙasa. Sannan ki sa ta a ruwa ya ɗan rufe ƙasar, ki riƙa ɗagawa da saukewa kamar santimita ɗaya da rabi, sau 30 a minti, har minti 3. Abin da ya rage ki busar a tanda mai zafin digiri 105 ki auna. Daga nan sai matakin da mutane ke tsallakewa: jiƙa ragowar a ruwan da aka narka sinadarin kalgon mai warwatsa ƙwayoyin ƙasa, ki murje, ki wanke a kan rariyar har sai yashi zalla ya rage, ki busar ki sake aunawa.

Ga dalilin. A ce ƙasar jigawa ce, daga giram 10 sai 7.2 ya rage. Wanda bai sani ba zai rubuta kashi 72 cikin ɗari ya yi murna. Amma da aka wanke sai aka ga 6.4 duk yashi ne mai kauri, wanda dama ba zai bi ta idon rariyar ba ko an kwana ana girgizawa. Lissafin shi ne a cire yashin daga sama da ƙasa:

```
(7.2 - 6.4) / (10 - 6.4) x 100 = 22
```

Kashi 22 ke nan, ba 72 ba. A ce kuma ta fadama 5.5 ta bari, yashinta 1.5. Cire ki gani: 4 a kan 8.5, kashi 47. Wadda ta fi a kallon farko ita ce ta baya. A ƙasashenmu masu yashi, duk sakamakon da ba a cire yashi ba takarda ce kawai, kuma duk ɗakin gwajin da za ki biya, tambayar farko da za ki yi musu ke nan.

To dubi lambar nan 0.8 da duk hukuncin gonar jigawar ya rataya a kanta. Sikelin kicin da ke tsalle giram ɗaya-ɗaya zai nuna miki 1 ko sifili, aikin wata guda ya tafi a banza. Sikeli mai karanta 0.01 kike bukata, irin ƙananan da masu zinariya ke amfani da su, kuma kada ki biya sai an haɗa miki da dutsen awonsa. Ɗora dutsen sau biyar a gaban mai shagon. Idan lambar na yawo, ajiye masa kayansa.

Rariya kuwa, na sha riƙe wadda aka buga wa 0.25 a gefe, na ɗaga ta a hasken rana na ga idanunta wani babba wani ƙarami, waya ta karkace, an manna ragar da gam maimakon a dalaye ta. Ragar sauro ce ko ta tankaɗen gari aka sa wa zoben ƙarfe mai ƙyalli aka ninka kuɗi. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini sakamakon gonaki goma sha biyu, dukansu ƙasa da kashi 10, har da fadamar da na san hogenta ba ya zubewa a kofi. Da muka duba, idon rariyarta ya kusa ninka abin da aka rubuta. Damina ta wuce, ba halin sake ɗibar samfur, yarinyar nan tana hawaye a gabana. Mai shagon bai ma san me ya sayar ba, shi ma haka aka kawo masa. Abin da ke ba ni haushi shi ne jabun taki ko jabun iri shuka na tona musu asiri a damina ɗaya, amma jabun rariya lamba take ba ki, mai kyan gani, ki rubuta, a sa hannu, a je a gaya wa mata su canza yadda suke noma a kan ƙarya.

Rariyar kirki tana da farantin shaida a jiki mai lambarta da ma'aunin da aka bi, ISO 3310-1 ko ASTM E11. Faranti ma ana bugawa na ƙarya, saboda haka tafi da rula da gilashin ƙara girma: mai ido 0.25 tana da waya kusan 60 a inci ɗaya, idanun murabba'i ne kuma duk girma ɗaya. Taɓa ragar, ta zama a ɗame kamar fatar ganga. Kada ki wanke ta da burushin ƙarfe, kada ki bari a ara a tankaɗe gari.

Shawarata ma, kada ki saya. Je sashen kimiyyar ƙasa na makarantarki, ko ki nemi takardar malaminki zuwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko na Jami'ar Bayero, ki roƙi a bar ki ki yi a ɗakin gwajinsu. Kowace gona ki maimaita sau uku, duk samfur a ɗebe shi a mako ɗaya daga zurfi ɗaya, kuma kada ki jiƙa wasu a tawul ki tsoma wasu a bushe, domin lambobin ba za su kwatantu ba. Ranar da za ki kai wa matan sakamako, tafi da kofuna da raga, su gani da idonsu.

"Ana tallar wani ruwan jarka da aka ce yana gyara ƙasa cikin sati biyu. — Manomi, Funtuwa"

Kada ka sayi jarka. Karɓi ƙaramar kwalba, fesa a kunya biyar, bar biyar a gefensu ba komai, wasu biyar ka zuba musu takin gida. Bayan girbi ka ɗebi hoge daga kowane kashi, ka busar, ka jefa a kofi. Kafin nan, ka daina ƙone karan dawa a gonar, ka kuma rage yawan haro a busasshiyar ƙasa, don waɗannan biyun na kwance abin da ke ɗaure hogen, kuma barinsu ba ya cin ko kwabo.